Yadda za ka taƙaita Ekeh ko Durkheim da bakinka ba tare da ka faɗa satar fasaha ba

Ranar wata Asabar ɗan yayata ya taso tun daga Idi-Araba ya same ni a Agege da babi na biyu na furojet ɗinsa a hannu, sufabaizansa ya bi shi da jan biro shafi bayan shafi, kuma a gefen wani sakin layi ya rubuta masa tambaya ɗaya tak, wai wannan maganar ta waye. Yaron ransa a ɓace yake. Ya ce min, "Kawu wallahi ban kwafa ba, duk kalmomin sai da na canza su, kwana biyu na yi a kai." Na yarda da shi cewa ya sha wahala, amma da na ɗora takardarsa kusa da wadda ya karanta sai na ga abin da malamin ya gani. Kalmomin ya canza, amma jimlar ta marubucin ce, tsarin nasa ne, har inda marubucin ya ja numfashi nan shi ma ya ja. Wannan shi ne abin da yake kayar da yaranmu da yawa masu karatun ilimin zamantakewa a nan Legas, ba mugun nufi ba ne, ba a taɓa zaunar da su an nuna musu bambancin ba ne kawai. Toh bari in bi da ku yadda muka gyara nasa.

Abin da yake taƙaitawa maƙalar Peter Ekeh ce ta 1975, wani masani ɗan Najeriya, wadda ya yi a kan mulkin mallaka da fagagen jama'a guda biyu a Afirka. A gajarce Ekeh cewa ya yi mulkin mallaka ya bar mana fage biyu maimakon ɗaya. Akwai fagen asali, na dangi da ƙabila da ƙungiyar 'yan gari ɗaya, inda mutum yake jin kunya kuma yake ganin wajibi ne ya bayar. Akwai kuma fagen hukuma, wato aikin gwamnati da soja da 'yan sanda, inda wannan tarbiyyar ba ta bin mutum, yana ganin wurin samu ne kawai. Kuma mutum ɗaya ne yake yawo a duka biyun, ya ɗebo daga na biyu ya kai na farko.

Yanzu ga jimla da ni na tsara don misali, ku ɗauka kamar a littafin karatu kuka same ta: "Mulkin mallaka ya haifar da fage biyu a Afirka, na asali wanda ke tafiya da tarbiyya, da na hukuma wanda ba ruwansa da tarbiyya, kuma 'yan boko suna kwasa daga na biyun don su ciyar da na farkon."

Abin da yaron ya yi kamar haka ne: "Zamanin Turawa ya samar da sarari biyu a nahiyarmu, na gargajiya wanda ke tafe da ɗa'a, da na gwamnati wanda bai damu da ɗa'a ba, kuma masu ilimin zamani suna ɗiba daga na ƙarshen don su tallafi na farin."

Ku karanta su a jere da ƙarfi. Kowace kalma tana da ƙanwarta a daidai gurbinta, haifar ya koma samar, kwasa ya koma ɗiba, amma ƙashin bayan jimlar bai motsa ba ko kaɗan. Rini ne aka yi wa rigar wani, ɗinkin nasa ne, aikin wuyan nasa ne. Kuma abin da mutane ba sa so su ji shi ne, ko da ka sa sunan marubucin da shekara a ƙarshen irin wannan jimlar ba ka fita ba, domin sunan da ka sa yana cewa ra'ayin nasa ne kawai, rashin alamar zance kuma yana cewa jimlar taka ce, alhali ba taka ba ce. Abu biyu ne ake bin ka bashi: tunanin mutum, da kuma lafazinsa. Tunani ana biyansa da suna da shekara. Lafazi kuwa ko dai ka sa shi cikin alamar zance da lambar shafi, ko ka rabu da shi gaba ɗaya ka gina naka.

Rufe littafin tukuna

Matakin farko da na sa shi ya yi, na karɓe takardar na kifa ta a kan tabarma, na ce ya faɗa min da Hausa, kamar yana yi wa mahaifiyarsa bayani, me Ekeh yake nufi. Ya yi ta inda-inda kusan minti biyu, nan na gane inda matsalar take, bai gama fahimtar maganar ba ne shi ya sa ya manne wa jimlar mutumin kamar mai tsoron sakin ƙarfen danfo. Wanda ya fahimci abu ba ya buƙatar jimlar wani. Sai muka koma muka sake karantawa a tsanake, sau biyu, yana tsayawa yana tambaya. A karo na uku da na kifa takardar sai ya ce, "Au, Kawu, ai kamar mutumin da ba zai taɓa taɓa ko kwabo a asusun ƙungiyar 'yan garinsu ba ne, don ya san zai sha kunya har gida, amma a ofis sai ya ƙara sifili a kan rasit bai ji komai ba." Na ce yawwa, yanzu ka kama.

Mataki na biyu, ka rubuta abin da ka faɗa ɗin nan take, littafin yana rufe, ko da da Hausa ne, daga baya ka mayar da shi Turanci. Ni ina ganin mu masu harshe biyu Allah ya ba mu wata dama a nan, domin in tunani ya bi ta cikin Hausa a kanka ya fito, da wuya ya fito da tsarin jimlar asali. Amma a kula, ba ina nufin ka ɗora jimlar a gabanka ka fassara ta kalma bayan kalma ba, fassara ba ta mayar da maganar wani taka, wanda ya fassara sakin layi daga Turanci zuwa Hausa ko daga Larabci zuwa Turanci bai faɗi mai shi ba, shi ma ya ɗauki abin da ba nasa ba.

Mataki na uku ka fara daga inda aikinka yake buƙata, ba daga inda marubucin ya fara ba. Furojet ɗin yaron a kan ƙungiyoyin 'yan Arewa ne a kasuwannin Legas, irin su Mil 12 da Alaba Rago, saboda haka abin da ya dame shi a Ekeh shi ne me ya sa amana take da ƙarfi a ƙungiya. Ga irin abin da ya fito da shi a ƙarshe, in na mayar da Hausa: "Me ya sa mutumin da ke riƙe amanar kuɗin ƙungiyar garinsu yake iya sakaci da dukiyar gwamnati? A ganin Ekeh, a maƙalarsa ta 1975, amsar tana cikin tarihi: hukumomin da Turawa suka kafa ba su samu gindin zama a tarbiyyar mutane ba, don haka kunya da jin nauyi suka tsaya a wajen dangi da 'yan gari." Kun ga ya fara da tambaya, ya juya tsarin, ya bar abin da bai shafe shi ba, kuma sunan Ekeh yana nan tun a tsakiyar maganar, mai karatu ya san daga ina zuwa ina ne na Ekeh.

Sai na huɗu, wanda kowa yake tsallakewa saboda gajiya: ka buɗe littafin ka gwada su gefe da gefe. Abu biyu kake nema. Ko akwai wata doguwar gaɓa da ta biyo ka ba ka sani ba, kalma biyar shida a jere iri ɗaya, in akwai ka sa mata alamar zance ko ka sake gini. Sannan ko ka ɗora wa mutumin abin da bai faɗa ba. Yaron da farko ya rubuta wai Ekeh ya ce 'yan Afirka ba su da tarbiyya, wanda sam ba haka ba ne, mutumin cewa ya yi tarbiyyar tana nan daram amma a fage ɗaya take aiki. Wannan ba sata ba ce amma ƙage ne, kuma ni a wurina bai fi satar sauƙi ba.

Kalmomin da ba a taɓawa

Akwai wani kuskure da tsoron sata yake jawowa, shi ne canza sunan da masanin ya raɗa wa abu. Ekeh ya kira fagagen nasa `primordial public` da `civic public`, haka za ka buga su, kar ka je neman wata kalma mai kama da su don kawai kar a ce ka kwafa. Haka `anomie` na Durkheim, haka `habitus` na Bourdieu, haka asabiyya ta Ibn Khaldun. Waɗannan sunayen yanka ne, ba a yi musu kwaskwarima. Ka kawo kalmar yadda take, a karon farko ka faɗi mai ita da shekara, sannan ka yi bayaninta da bakinka. Na taɓa ganin aikin da aka bi da manhajar nan mai sauya kalmomi, ta mayar da kalmar `class` ta Marx, wato ajin mutane a cikin al'umma, ta zama ɗakin karatu, duk malamin da ya ga haka ya san abin da ya faru ba sai an gaya masa ba.

A ɗaya gefen kuma ba komai ne yake son saiteshin ba, wato faɗin inda ka samo magana. Cewa Weber Bajamushe ne, an haife shi a 1864 ya rasu a 1920, wannan sanin kowa ne a fagen, ba sai ka jingina wa kowa ba. Amma da zarar ka shiga cewa ga abin da Weber yake nufi, ko ga inda ya yi kuskure, to wani ne ya faɗa ko kai ne, dole a gane wanne ne.

Yadda ake buga suna da shekara

Tsarin suna da shekara iri-iri ne, akwai APA, akwai Harvard, akwai na Chicago, akwai na ƙungiyar masana zamantakewa ta Amurka wato ASA, bambancinsu yawanci a waƙafi da baka ne. Ka tambayi sashenku wanne suke so ka tsaya a kansa daga farko har ƙarshe. Zan yi misali da APA bugu na 7 don shi na fi gani a hannun ɗalibai. Hanya biyu ce, ko sunan ya shiga cikin jimlarka shekara ta biyo a baka, ko duka biyun su zo a baka a ƙarshe. In lafazinsa ka ɗauko, lambar shafi wajibi ce.

```
Ekeh (1975)
(Ekeh, 1975)
(Ekeh, 1975, p. 92)
```

In ka faɗa da bakinka ne APA ba ta tilasta shafi ba, amma ni ina ba da shawarar a sa, musamman in littafi ne mai kauri, domin ranar difens in aka ce nuna mana inda ya faɗa ba za ka tsaya kana zufa ba. Maganar da ka ɗauko in ta kai kalma 40 ba a sa mata alamar zance, ana ware ta ne a nata sakin layin a tura ta ciki kaɗan. Marubuta biyu ka kawo sunan duka biyun, uku ko fiye ka kawo na farko ka bi shi da `et al.`, wato da sauransu, tun daga karon farko. In mutum ɗaya yana da aiki biyu a shekara ɗaya sai ka bambanta su da ƙaramin harafi a jikin shekarar, a da b. Sunan ƙarshe ake amfani da shi, ba laƙabi, ba Farfesa ba Alhaji ba Dakta, misali Yusufu Bala Usman zai zama `Usman` a cikin rubutu, `Usman, Y. B.` a jerin ƙarshe.

Wani abu da ke yawan faruwa, mutum ya yi sakin layi guda mai jimla takwas, ya liƙa baka ɗaya a can ƙarshe. Mai karatu ba zai san ko jimlar ƙarshe ce kawai ta marubucin ko duka takwas ɗin ba. Gara ka buɗe da sunansa, ka ci gaba da "ya ƙara da cewa", "a ganinsa", in ka zo naka ra'ayin kuma ka nuna a fili cewa yanzu kai ne kake magana.

Tsofaffin masana suna da tasu matsalar. Durkheim ya fitar da littafinsa kan masu kashe kansu a 1897 da Faransanci, amma fassarar Turanci da yawancinmu muke karantawa ta Spaulding da Simpson ce ta 1951. In ka rubuta 1951 kawai kamar kana cewa mutumin da ya rasu a 1917 ya yi rubutu bayan shekara talatin da huɗu da mutuwarsa ne, in kuma ka rubuta 1897 kawai kana cewa ka karanta na Faransanci. Sai a haɗa biyun. Layin farko APA ne, na biyu yadda ASA da Chicago suke yi.

```
(Durkheim, 1897/1951)
(Durkheim [1897] 1951)
```

Kar a ɗauka wannan ƙaƙale ne kawai. Shahararriyar kalmar nan ta kejin ƙarfe da ake jingina wa Weber, `iron cage`, zaɓin Talcott Parsons ne a fassararsa ta 1930, kalmar Jamusancin ta fi kusa da kwanso ko ɓawo mai taurin ƙarfe, kuma wasu masu fassara na baya sun sauya ta. Ka ga ashe wanda ya faɗi shekarar fassara ya faɗi bakin wa ya ji maganar.

Isnadi

Nan ne na fi daɗewa da yaron, don nan ne kusan kowa yake faɗawa. A jerin littattafansa na ga Durkheim, Weber, Marx, Bourdieu, na tambaye shi wanne ya taɓa riƙewa a hannu, ya yi shiru, sannan ya ce gaskiya duk a littafin karatu na George Ritzer ya gan su da kuma handawut ɗin lakcara. Na ce masa kai da ka yi Islamiyya ka san isnadi, wane ya ji daga wane, kuma ka san sunan da malaman hadisi suke ba wanda ya ɓoye mutumin da ya ji magana a wurinsa ya haura sama kamar shi ya ji da kunnensa, tadlisi ke nan. Toh abin da ka yi ke nan. Ritzer ya karanta, ya tace, ya zaɓi abin da zai kawo, wannan aiki ne, in ka share sunansa ka ci guminsa, kuma in ya yi kuskure a fahimtarsa kai za ka ɗauka a ka ba tare da ka san daga ina ya zo ba. Gyaran mai sauƙi ne:

```
(Durkheim, 1897, as cited in Ritzer, 2011)
```

Shekarar Ritzer ka sa ta bugun da yake hannunka, don littafin an sake buga shi sau da yawa. A jerin ƙarshe kuma Ritzer ne kawai zai shiga, Durkheim ba zai shiga ba tunda ba ka karanta shi ba. Sai dai kar wannan ya zama maka gado, in masanin shi ne ginshiƙin aikinka ka nemo asalin. Maƙalar Ekeh shafi 22 ce kacal, ana gama ta a zama biyu. Na kuma ce masa tunda aikinsa a kan Hausawa ne a ƙasar Yarabawa, ya nemi littafin Abner Cohen na 1969 a kan Hausawan Sabo ta Ibadan da cinikin shanu da goro, ya karanta da idonsa, kar ya tsaya ga abin da wani ya ce Cohen ya ce.

Jerin ƙarshe kuma ƙa'idarsa ɗaya ce, duk sunan da ya fito a cikin rubutu a same shi a jerin, duk wanda yake jerin a same shi a cikin rubutu, a jere bisa haruffan sunan ƙarshe. Na Ekeh haka yake zama, sunan mujallar da lambar kundi a karkace ake buga su:

```
Ekeh, P. P. (1975). Colonialism and the two publics in Africa:
    A theoretical statement. Comparative Studies in Society
    and History, 17(1), 91–112.
```

Game da Turnitin, manhajar da ake binciken kwafe da ita, yaron ya ce min ai makin kamanceceniya kaɗan ya samu don haka ba matsala. Abin da wannan makin yake aunawa kamanceceniyar lafazi ne kawai. Wanda ya rina jimla da kyau zai iya samun maki kaɗan alhali aikin ba nasa ba ne, wanda kuma ya yi komai daidai zai iya samun maki mai yawa saboda jerin littattafai da maganganun da ya sa wa alamar zance. Ka buɗe rahoton ka bi wuraren da aka shafa wa launi ɗaya bayan ɗaya, kar ka tsaya ga lambar da ke sama.

Yawancin wannan rikicin tun wajen ɗaukar not yake farawa, mutum yana laburare ko yana cikin gosulo a kan hanyar Ikorodu yana karatu a waya, ya kwafo jimla ya jefa a fayil, bayan wata biyu ya manta ya ɗauka shi ya rubuta. Shi ya sa kafin ya tafi na sa ya raba kowane shafin littafin not ɗinsa gida uku da biro. A sama suna da shekara da shafi, kafin ya rubuta komai. Gidan farko lafazin marubuci cikin alamar zance, na biyu abin da ya fahimta bayan ya rufe littafi, na uku nasa tunanin da tambayoyinsa. Muka yi na Ekeh tare har aka kira la'asar, gida na uku ne ya fi cika, don yana ta kawo misalan ƙungiyar 'yan garinsu da yadda ake tara kuɗin kai gawa gida. Muka yi sallah, ya naɗe takardunsa ya nufi tasha, da sauran masana huɗu da zai bi da kansa kafin Litinin.